Yadda ake rubuta sanarwar rasuwa a guruf ɗin dangi ba tare da an bar wa jita-jita ƙofa ba

Akwai ranar da wata ƙanwarmu ta rubuta a guruf ɗin WhatsApp na zuri'armu, da sassafe, cewa "Innalillahi, Baba ya rasu." Daga nan wayarta ta mutu, babu caji. A zuri'ar tamu mutum uku ake kira Baba, kuma ɗaya daga cikinsu yana kwance ba lafiya a lokacin. Kafin rabin sa'a wata 'yarsa da ke aure a Zariya ta riga ta isa tasha tana kuka, wani ɗan'uwa ya ɗora hoton tsohon a sitatus da addu'a a ƙasa, maƙwabta sun fara sallama a ƙofar gida. Ashe surukinta take nufi, mahaifin mijinta, wanda ita ma Baba take ce masa. Tsohon da aka yi wa kuka da ransa shi ya riƙa ɗaga waya yana cewa yana nan. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba. Saƙonta ne ya bar gurbi, kowa kuma ya cike gurbin da abin da yake tsoro.

Tun daga ranar ni ake sa wa rubuta irin wannan sanarwa a gidanmu, ga kuma yadda nake bi. Zan ɗauki misali ɗaya in bi shi har ƙarshe, na sakaya sunaye. A ce baffanka ne, magidanci mai mata biyu da 'ya'ya goma sha ɗaya, mazaunin Gwale a Kano. Ya yanke jiki ya faɗi bayan sallar Isha'i ranar Laraba, aka kai shi asibiti, rai ya yi halinsa da ƙarfe 1:40 na dare. Mahaifiyarsa tana raye, tsohuwa mai hawan jini. Babban ɗansa yana aiki a Jidda, wata 'yarsa tana Sakkwato da tsohon ciki. Akwai kuma ɗan wansa da aka yi masa takwara, sunansu ɗaya har na kaka.

Kafin ka taɓa guruf

Abu na farko shi ne ka tabbatar daga bakin wanda ke tsaye a kan gawar. Wanda ya ji daga wanda ya ji ba shaida ba ne, ko da yayanka ne. Ka kira wanda ke asibitin ka tambaye shi kai tsaye: kana wurin? Likita ya duba ya tabbatar? Ƙarfe nawa? Tambayar likita ba rashin tawakkali ba ce. Mai jinya da ya ga numfashi ya ɗauke yakan fita da gudu yana salati, alhali doguwar suma ce, kuma sanarwar mutuwa idan ta fita ba a iya tattaro ta.

Bayan ka tabbatar, sai ka ajiye rubutu ka koma kira. Akwai mutanen da bai kamata su tsinci mutuwar nan a allon waya tsakanin tallar atamfa da bidiyon wa'azi ba: matan mamacin, 'ya'yansa, iyayensa, da waɗanda suke ciki ɗaya da shi. Ka rubuta sunayensu a takarda, domin a ruɗe mutum yakan manta da wanda ya fi kusa, sa'annan ku raba kiran tsakaninku ku biyu ko uku. Duk wanda aka samu a ja layi a kan sunansa.

A misalinmu mutum biyu ba a gaya musu ta waya kwata-kwata. Mahaifiyar, mutum ake tura mata, dattijo ko dattijuwar da take jin nauyi, bayan ta idar da sallar Asuba, a kuma tabbatar maganinta na kusa. Mai cikin da ke Sakkwato, mijinta ake kira, shi ya san yadda zai yi da ita, kuma ka roƙe shi ya karɓe wayarta kafin gari ya waye. Shi kuwa na Jidda, ka tuna agogonsu ya riga namu da sa'a biyu, saboda haka ƙarfe huɗu na dare a Kano shi gari ya waye masa, yana iya buɗe waya a kowane lokaci. Shi za a fara kira, don ba ya barci lokacin da kake zaton yana barci.

Lokacin da kake da shi kaɗan ne. Mu ba ma ajiye gawa, wanda ya rasu da dare yawanci da hantsi an kai shi makwancinsa. Idan an kira mutum sau uku bai ɗaga ba, a nemi maƙwabcinsa ko abokin aikinsa, amma kada a riƙe sanarwar gaba ɗaya saboda shi har mutane su rasa jana'iza. Sanar da mutuwa don a taru a yi salla abu ne mai asali: Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sanar da sahabbai rasuwar Najjashi sarkin Habasha a ranar da ya rasu, ya fita da su suka yi sahu.

Sau da yawa kana cikin kiran wani zai riga ka. Za ka ga an rubuta "Wai me ke faruwa a Gwale?" ko an jefo "Innalillahi" tsirara babu bayani. Kada ka yi shiru, shiru ne yake ba mutane damar ƙirƙira, kuma kada ka ce babu komai alhali akwai. Ka rubuta gajeren saƙon riƙo:

"Assalamu alaikum. Akwai sanarwa daga gidan Gwale, za ta fito daga wurina kafin ƙarfe 6:30 na safe in sha Allahu. Don Allah kowa ya dakata da rubutu da ɗora sitatus, akwai na kusa da ba a kai ga sanar da su ba."

Idan kai admin ne, ko admin na kusa da kai, a rufe guruf ɗin na wannan ɗan lokacin. Ana shiga bayanin guruf, a taɓa Group permissions, a kashe Send messages, sai ya zama admin kaɗai ke iya rubutu. Ni nakan buɗe shi da zarar sanarwar ta fita ko jim kaɗan bayan jana'iza. Mutane na buƙatar wurin yin gaisuwa, idan ka kulle su kwana biyu za su buɗe wani guruf ɗin da ba ka ciki, can kuma za a yi maganar da kake gudu.

Baki ɗaya

Kafin a rubuta komai, manyan gida su tsayar da mutum ɗaya da sanarwa za ta riƙa fitowa daga gare shi. A gidan mata biyu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Idan ɗan uwargida ya rubuta nasa, ɗan amarya ya rubuta nasa, ko da ba su yi niyyar saɓani ba za a samu lokaci biyu, wuri biyu, wani lokacin har sanadi biyu, kuma masu karatu za su lura da wanda aka ambata da wanda aka tsallake. Gara ƙanin mamacin ko wani dattijo da ɗakunan biyu suka yarda da shi ya zama mai magana, wanda ya iya rubutu ya rubuta da sunansa, a karanta masa ya amince, sa'annan a tura.

Rubutun kansa

Ga ma'aunin da nake amfani da shi: saƙon nan ba zai tsaya a guruf ɗinmu ba. Cikin minti biyar za a tura shi guruf ɗin masallaci, na tsofaffin ɗalibai, na kasuwa. To idan ya faɗa hannun wanda bai san mu ba, bai ga saƙon da ya gabace shi ba, kuma bayan kwana biyu ya buɗe, zai gane wa ya rasu, yaushe, ina za a je? Idan amsar a'a ce, da saura. Ga yadda na misalinmu zai kasance:

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

A madadin iyalan marigayi Malam Wane na Gwale, muna sanar da rasuwar ɗan'uwanmu Alhaji Wane Wane, wanda aka fi sani da Baffan Gwale, ɗan kasuwar Kantin Kwari, mai shekara 63. Ba takwaransa da ke Hotoro ba, shi yana nan lafiya.

Ya rasu a asibiti a Kano da ƙarfe 1:40 na daren Laraba wayewar Alhamis, 12 ga Satumba, 2024, bayan rashin lafiyar da ta same shi farat ɗaya a daren.

Za a yi jana'iza ranar Alhamis 12 ga Satumba da ƙarfe 10:00 na safe agogon Najeriya, a ƙofar gidansa da ke Gwale, bayan masallacin Juma'a na unguwar. Daga nan a wuce maƙabartar Ɗandolo.

Zaman gaisuwa: maza a ƙofar gida, mata a cikin gida.

Duk wani canji daga wannan lambar zai fito. Mai tambaya ya kira ni ko Wane. Don Allah kada a riƙa kiran matansa da mahaifiyarsa a yau.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya kyautata namu ƙarshen.

Sanarwa: Alhaji Wane, ƙanin marigayin."

Kowane layi a nan akwai ramin da yake rufewa. Suna shi ne babba. Mu mutane ne masu alkunya, ba ma kiran sunan manya, shi ya sa hannu yakan tafi kan "Baba", "Hajiya Babba", "Yaya", "Kawu". A sanarwa dole a cije a rubuta sunan yanka da na mahaifi, a haɗa da laƙabin da aka san mutum da shi, da unguwa ko sana'a. Sunan yanka kaɗai ma bai wadatar ba, akwai tsofaffin da jikokinsu ba su taɓa jin sunansu na gaskiya ba. Inda kuwa akwai takwara a dangi, a faɗa ƙarara cewa ba shi ba ne. Wasu na ganin wannan layin bai yi tsari ba, ni kuwa na gwammace rashin tsari da a je yi wa matar mai rai gaisuwa.

Sai lokaci, inda aka fi yin tuntuɓe. "Yau", "gobe", "ɗazu", "anjima" kalmomi ne da ke ruɓewa da wuri. Wanda bai da data sai ranar Asabar zai karanta "gobe da safe" ya shirya zuwa jana'izar da aka yi kwana biyu da suka wuce. Rashin kwanan wata ne kuma ke sa sanarwar bara ta sake zagayowa bana, a tayar wa iyali da miki. "Daren Alhamis" ma rikici ne da kansa: a lissafin Musulunci dare ne ke riga yini, don haka wani zai fahimci daren da ya biyo yinin Laraba, wani ya fahimci wanda ya biyo yinin Alhamis. "Daren Laraba wayewar Alhamis" ya raba gardama.

Haka "bayan Azahar". Wani masallacin ƙarfe ɗaya yake salla, wani ƙarfe biyu, wani har biyu da rabi. Idan da salla za a ɗaura lokacin, a haɗa da agogo da sunan masallacin: bayan Azahar, ƙarfe 2:00, a masallaci kaza. Idan akwai dangi a ƙetare a rubuta agogon wace ƙasa ce. Mu da Nijar da Kamaru agogonmu ɗaya, amma na Kumasi yana bayanmu da sa'a guda.

Kuma kada a rubuta lokacin jana'iza sai an tambayi waɗanda abin ke hannunsu: an sallami gawar daga asibiti? An samu masu wanka da likkafani? An yi magana da masu haƙa a maƙabarta? Liman ya sani? Idan ɗaya bai tabbata ba, a rubuta "za a sanar da lokacin jana'iza kafin ƙarfe takwas na safe". Alƙawarin lokacin da za a sanar ya fi lokacin da aka yi hasashe.

Sanadi

A nan ne na fi daɗewa kafin in tura. Mutuwar farat ɗaya ita ce gonar jita-jita. Mutumin da aka gani jiya a kasuwa lafiya lau, idan aka ce ya rasu ba a faɗi komai ba, kafin a dawo daga maƙabarta wani ya ce jifa aka yi masa, wata ta ce ai a ɗakin amarya ya ci tuwo, wani ya ce allura aka yi masa ba daidai ba. A gidan kishiyoyi irin wannan magana tana iya raba zumunci har jikoki, ta kuma dagula rabon gado tun ba a fara ba.

Hanyoyi biyu ne ba sa ɓullewa. Ɗaya ita ce shiru gaba ɗaya. Ɗayar ita ce zuba bayani: me ya ci, wa ke tare da shi, ƙarfe nawa aka samu mota, me ma'aikaciyar jinya ta ce. Kowane ƙarin bayani igiya ce da mai neman zargi zai kama. Abin da ke aiki shi ne jimla ɗaya, ta gaskiya, wadda iyali suka amince da ita: bayan doguwar jinya, bayan gajeriyar rashin lafiya, sakamakon haɗarin mota a hanyar Kano zuwa Zariya, wajen haihuwa. Idan likita ya faɗi sunan ciwon kuma iyalin ba su damu a faɗa ba, a faɗa yadda ya faɗe shi. Idan bai faɗa ba, kada ka zama likita da kanka ka rubuta "bugun zuciya" don ya yi kama da shi. Idan ciwo ne da iyali ke son rufawa, "bayan rashin lafiya" gaskiya ce kuma ta isa. Abin da ba a yi shi ne ƙirƙiro wani ciwon don a rufe na ainihi, domin akwai waɗanda suka yi jinya, kuma ranar da labari biyu suka haɗu ba za a ƙara yarda da bakinka ba.

Inda mutuwar ta shafi hukuma, kamar kisa ko haɗarin da ake bincike a kai, a rubuta cewa maganar tana hannun hukuma, a tsaya nan. Kada sunan wanda ake zargi ya shiga guruf ko da kowa na raɗa shi.

Bayan ka tura

Ka danne saƙon ka zaɓi Pin don ya tsaya a saman guruf, in ba haka ba "Allah ya jiƙansa" ɗari biyu za su binne shi, masu zuwa daga baya su fara tambayar ƙarfe nawa, wasu su amsa musu da abin da suka tuna. Manhajar takan ba ka zaɓin sa'a 24, kwana 7 ko kwana 30. Kwana bakwai ya dace da zaman makoki.

Sa'annan ka yi saƙon murya don gwaggo da inna da duk wanda karatun boko bai zauna masa ba. Sharaɗi ɗaya ne: karanta abin da ka rubuta za ka yi, kalma da kalma, ka fara da faɗin sunanka da ranar. Idan ka tsaya yi da ka, sai ka ƙara wani abu ko ka rage, a samu sanarwa biyu. Kada kuma mai kuka ya yi shi. Murya mai rawa tana haɗiye suna da lokaci, su ne kuwa ake nema.

Idan an samu canji, misali asibiti ba su sallami gawa da wuri ba aka ɗaga jana'iza daga goma zuwa sha ɗaya da rabi, kada ka dogara da Edit. Minti 15 kawai yake ba ka bayan turawa, kuma ba ya bin kwafin da aka riga aka watsa wasu wurare, wanda ya karanta tun farko ma ba lallai ya koma ya duba ba. Sabon saƙo za ka rubuta cikakke, da suna da kwanan wata kamar na farko, ka buɗe shi da "GYARA", ka ambaci tsohon lokacin da sabon: an ɗaga daga 10:00 zuwa 11:30, wurin bai canza ba. Ka cire na farko daga sama ka maƙala wannan, ka roƙi duk wanda ya tura na farko wani wuri ya bi shi da gyaran.

Idan wani ya jefo jita-jita ko hoton gawa, admin na iya goge saƙon kowa da Delete for everyone matuƙar bai wuce kamar kwana biyu ba. A goge, amma a kira mutumin a waya a gaya masa dalili cikin mutunci, musamman idan babba ne. Kada ka yi masa raddi a bainar guruf, kuma kada ka maimaita maganar da sunan ƙaryata ta. Idan ka rubuta "ba gaskiya ba ne cewa an sa masa wani abu a abinci", ka kai maganar kunnen mutum tamanin da ba su ji ta ba. Abin da ya isa shi ne: "Bayanin da iyali suka sani shi ne wanda ke cikin sanarwar da ke sama. Mai tambaya ya kira ni." Idan ana son tunatarwa, hadisin da Muslim ya ruwaito cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji ya wadatar, a kawo shi sau ɗaya ba tare da nuna kowa ba.

Kuɗi, bashi da sadaka

Waɗannan ba sa shiga sanarwar farko. Bayan an dawo daga maƙabarta sai a fitar da saƙo na biyu: an yi jana'iza, iyali na godiya, ga kwanakin da za a zauna karɓar gaisuwa. A nan ake sa maganar bashi, kamar yadda ake shelantawa a wurin jana'iza: wanda ke bin marigayi, ko wanda marigayi ke bi, ya tuntuɓi wane da wane a keɓe, da shaidarsa in akwai, ban da rubutawa a guruf. Mutum biyu ake sawa, ɗaya daga kowane ɗaki ko kuma dattawa biyu, don kada gobe a ce wani ya ɓoye wani abu.

Maganar gudummawa ma a rufe ta da jimla ɗaya. Ko dai a ce iyali ba su buɗe wani asusu ba, ko a ba da lambar asusu ɗaya tak da sunan da zai fito idan an saka ta. Masu damfara na bibiyar sanarwar mutuwa, kuma sukan ƙwace WhatsApp ɗin ɗan dangi ta hanyar roƙonsa lambobi shida da aka turo masa, sa'annan su bi mutane ɗaya-ɗaya da sunansa suna neman kuɗin likkafani. A rubuta cewa duk wanda aka nemi kuɗi a wurinsa ta saƙo ya kira ya ji murya tukuna.

Sadakar uku, ta bakwai da ta arba'in kuwa, dangi ɗaya ma sukan saɓa a kansu, wasu na yi wasu ba sa yi. Guruf ba wurin warware wannan ba ne, kuma ranar makoki ba ranarsa ba ce. Manya su yanke a zaure, kai ka rubuta abin da aka yanke kawai: "Za a yi addu'ar uku ranar Asabar 14 ga Satumba da ƙarfe 8:00 na safe a ƙofar gida", ko kuma "Za a tashi daga zaman gaisuwa ranar Asabar 14 ga Satumba, babu wani taro bayan nan." Ka rubuta ranar da sunanta da lambarta, domin wajen ƙirga ukun ma wasu da ranar rasuwa suke farawa, wasu da washegari.